Darasi: Yadda Kitse Ke Taruwa a Bangon Jijiyoyin Jini, da Dalilin da Ya Sa Yakan Fashe Farat Ɗaya

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa jin irin wannan labari. An yi sallar asuba da mutum lafiya ƙalau, kafin hantsi ya dafe ƙirji ya faɗi, ko asibiti ba a kai ba rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki sai ka ji ana cewa ko ciwon kai bai yi ba. Gaskiya ne bai ji ciwo ba. Amma a yawancin irin wannan mutuwar fuju'a ga wanda ya fara manyanta, cutar ta yi shekara 20 ko 30 tana aiki a ɓoye cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa. Abin da ya faru da safiyar nan shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne ya zo da gaggawa.

A wannan darasi za mu bi cutar tun daga farkonta, sannan mu tsaya a kan tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa wani tarin kitsen yake zama shiru har mutum ya tsufa da shi, wani kuma ya fashe cikin daƙiƙa guda?

Bangon jijiya

Jijiyoyin da muke magana a kansu su ne masu ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, waɗanda ake jin bugunsu a wuyan hannu. Ita kanta zuciya tana da nata jijiyoyin da ke kwance a jikinta ta waje suna ba ta jini, kuma faɗin manya daga cikinsu kusan milimita 3 zuwa 4 ne.

Bangon irin wannan jijiya hawa uku ne. Na waje fata ce mai ƙarfi da ke riƙe jijiyar. Na tsakiya tsoka ce, wadda ke matsewa ta saki gwargwadon jinin da ake bukata. Na ciki siriri ne ƙwarai, kuma fuskarsa da ke taɓa jini shimfiɗa ce mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. Wannan shimfiɗa tana da sulɓi, tana hana jini daskarewa a kanta, kuma ita ke tantance abin da zai ratsa daga jini zuwa cikin bango.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kitse yana liƙewa ne a saman wannan shimfiɗa, yana rage hanya a hankali har ta toshe. Ba haka abin yake ba, kuma wanda bai gyara wannan fahimta ba sauran darasin zai yi masa wuya. Kitsen yana shiga ƙarƙashin shimfiɗar ne, ya taru a cikin naman bangon. Abin da ya fi kama da shi shi ne maruru: ƙullutu a cikin nama, mai ruɓaɓɓen ciki, da fata a samansa da ta rufe shi. Jini yana wucewa ta kan wannan fata bai taɓa abin da ke ƙasa ba. Muddin fatar tana nan daram, jini yana gudu. Ranar da ta tsage, ranar ake shiga uku.

Yadda abin yake farawa

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa ruwan matsarmama da wasu sinadaran jiki. Mafi yawansa jikin ne da kansa yake ƙera shi, musamman hanta, abinci kuma ya ƙara sauran. Da yake maiƙo ba ya narkewa a ruwa, ba zai iya tafiya a cikin jini tsirara ba, sai an ƙunshe shi cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunsoshi. Wanda ya fi damun mu a cikinsu shi ne wanda za ku gani an rubuta LDL a takardar gwajin jini.

Waɗannan ƙunsoshi ƙanana ne ƙwarai, suna iya ratsa shimfiɗar su shiga bango su sake fitowa. Idan suna da yawa a cikin jini, masu shiga sukan yi yawa, kuma wasu ba sa fitowa, domin akwai wasu zaruruwa a cikin bangon da suke kama su su riƙe. Ƙunshin da ya maƙale yakan lalace, kitsen cikinsa ya gurɓace. Daga nan jiki ya daina ganin sa a matsayin nasa. Shimfiɗar da ke samansa sai ta fara janyo fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta ne. Su kuma su ratsa su shiga bangon, su rikiɗa su zama manyan ƙwayoyi masu haɗiye duk abin da ya lalace. Likitoci suna kiran su makrofaj.

A nan matsalar take. Makrofaj ba ya ƙoshi da gurɓataccen kitse. Yana haɗiya har ya cika ya kumbura, idan aka duba shi da madubin likita sai a ga cikinsa duk kumfa-kumfa. Tarin irin waɗannan ƙwayoyi shi ke fitowa a matsayin wani ɗan zane rawaya a cikin jijiya. Wannan zane ba ya hana jini wucewa, ba ya ciwo, kuma yana iya bajewa. Amma shi ne tushen abin da zai biyo baya.

Ba ko'ina a jijiya abin yake faruwa daidai ba. Inda jijiya ta miƙe, jini yana gudu sumul, shimfiɗar tana cikin ƙoshin lafiya. Inda ta rabu biyu ko ta yi kwana, jini yana jujjuyawa, shimfiɗar wurin ta fi rauni, LDL ya fi samun shiga. Shi ya sa likitoci suka san wuraren da za su fara dubawa: farkon jijiyoyin zuciya, da mararrabar jijiyar wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, da babbar jijiyar ciki, da na ƙafafu. Hawan jini yana ƙara wa shimfiɗar wahala. Hayaƙin taba, har da na shisha, yana lalata ta. Yawan sukari a jini ma haka. Waɗannan uku suna buɗe hanya, amma abin da ke shiga ya taru LDL ne.

Ta yaya aka tabbatar? A shekarar 1913, wani likita ɗan Rasha mai suna Nikolai Anichkov ya riƙa ciyar da zomaye kolestarol a birnin St. Petersburg, sai jijiyoyinsu suka yi irin ƙullutun da ake gani a jikin mutane. Hujjar da ta fi ƙarfi kuma ta fito daga mutane ne. Akwai cutar gado da ke hana hanta kwashe LDL daga jini yadda ya kamata, tana samun kusan mutum 1 cikin 250. Masu ita sukan gamu da bugun zuciya tun suna da sauran ƙarfinsu. Yaron da ya gaje ta daga uwa da uba duka, in ba a yi masa magani ba, yana iya samun bugun zuciya kafin ya kai shekara 20, ba taba, ba hawan jini, ba ciwon sukari. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano yadda ƙwayoyin jiki ke kwashe LDL, aka ba su kyautar Nobel a 1985.

Game da lokacin farawa, an sami amsa mai tayar da hankali a 1953. Likitocin sojan Amurka sun binciki zukatan sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, samari majiya ƙarfi waɗanda matsakaicin shekarunsu 22 ne. Kimanin kashi 77 cikin 100 suna da alamar wannan cuta a jijiyoyin zuciyarsu, wasu kaɗan ma hanyar ta riga ta ƙuntata sosai. Don haka kuskure ne a kira ta cutar tsofaffi. A tsufa take bayyana, amma da ƙuruciya take kafuwa.

Daga zane zuwa ƙullutu

Idan LDL ya ci gaba da shiga shekara da shekaru, makrofaj ɗin da suka cika sukan mutu a wurin. A jiki mai lafiya wasu ƙwayoyin ne suke zuwa su kwashe gawarwakin, amma a nan aikin yakan fi ƙarfinsu. Sai matattun ƙwayoyi da kitsen da suka zubar su haɗu su zama wani taɓo mai laushi a tsakiyar bango. Wannan shi ne cikin ƙullutun.

Jiki ba ya zuba ido. Ƙwayoyin tsoka daga hawa na tsakiya sukan taso zuwa saman taɓon, su riƙa saƙa wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin, irin wanda ke cikin fata da tabon rauni. Da shi suke gina murfi tsakanin taɓon da jinin da ke gudu. Da tafiya ta yi nisa, sinadarin kalsiyam ma yakan taru a wurin, wani ɓangaren ƙullutun ya taurare. Ke nan kowane ƙullutu yana da abu biyu da ya kamata ku riƙe: taɓon da ke ciki, da murfin da ya rufe shi.

Me ya sa mutum ba ya jin komai duk tsawon wannan lokaci? A 1987 wani masani a Chicago, Seymour Glagov, ya nuna cewa yayin da ƙullutu ke girma, jijiyar takan buɗe ta waje don ta ba shi wuri, hanyar jini kuma ta kasance kusan yadda take. Sai ƙullutun ya cinye kimanin kashi 40 cikin 100 na filin da ke cikin bangon sannan wannan dabara ta gaza, hanyar ta fara ƙuntata. Ko bayan nan ma akwai sauran rata. Galibi sai faɗin hanyar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 mutum yake fara jin alama, ita ma sai in ya yi aikin ƙarfi.

Alamar tana da siffa da ake gane ta. Mutum yana hawa bene, ko yana sauri zuwa masallaci, ko ya ɗauki kaya, sai ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya bi zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi. In ya tsaya ya huta 'yan mintoci sai ya wuce. Dalili kuwa shi ne zuciya tana neman ƙarin jini, ƙuntatacciyar hanya ta kasa kawo shi. Idan a ƙafa ne, sai sha-raɓa ta riƙa ciwo bayan tafiyar wani zango, ta lafa in an tsaya. Wannan ciwo yana takura rayuwa, amma yana da wani alheri guda: yana yin gargaɗi. Mai jin sa ya sami damar zuwa asibiti da ƙafarsa.

Abin da ke sa murfi ya tsage

Hankali zai ba mu cewa ƙullutun da ya fi toshe hanya shi ne zai kawo bugun zuciya. Likitoci ma sun daɗe a kan wannan zato. Amma da aka riƙa komawa ga tsofaffin hotunan jijiyoyin mutanen da suka yi bugun zuciya daga baya, sai aka ga sau da yawa wurin da ya jawo masifar bai ƙuntata sosai ba a hoton farko. Kada a fahimci wannan a karkace. Wurin da ya ƙuntata ƙwarai yana da nasa haɗarin, har ma in an ɗauke su ɗaya-ɗaya ya fi saurin toshewa. Sai dai waɗanda ba su ƙuntata ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu manyan ƙullutai ne da suka girma ta waje suka ɓuya. Abin da ke raba mai haɗari da mai zama shiru shi ne ƙarfin murfi.

Murfin nan ba gini ba ne da aka gama aka tafi. Kullum ana saƙa shi, kullum ana warware shi. Ƙwayoyin tsoka suna ƙara kolajin. Makrofaj kuwa suna fitar da wasu sinadarai masu narkar da kolajin, sannan wasu fararen ƙwayoyin jinin suna aika saƙon da ke hana ƙwayoyin tsoka yin sabo. Idan masu saƙa suka rinjaya, murfi ya yi kauri, mutum yana iya kai shekara 80 da ƙullutunsa. Idan kumburi ya yi ƙarfi a wurin, ƙwayoyin tsoka suka ragu, makrofaj suka yawaita, sai murfi ya riƙa sirancewa. Masu binciken gawa sun auna murafun da suka fashe, suka ga kusan dukkansu kaurinsu bai kai maikuromita 65 ba, wato bai kai kaurin silin gashi na yau da kullum ba. Ƙullutu mafi haɗari ke nan: taɓo mai yawa, murfi siriri, makrofaj birjik.

Ku tuna kuma cewa zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Da kowane bugu jijiyar tana miƙewa ta lanƙwashe, jini yana dukan murfin. Taɓo mai laushi ba ya ɗaukar nauyi, don haka duk ƙarfin yana komawa kan murfin, musamman a gefensa inda ya haɗu da lafiyayyen bango. A wannan gefe makrofaj suka fi taruwa, a nan kuma aka fi samun tsagewa.

Wani lokaci akwai abin da ke ingiza shi: fushi mai tsanani, ko firgici, ko aikin ƙarfi ga wanda bai saba ba, ko zazzaɓin mura mai zafi. An lura bugun zuciya ya fi yawa da safe, tsakanin wayewar gari da tsakar rana, lokacin da hawan jini da saurin bugawar zuciya suke tashi kuma jini ya fi saurin daskarewa. A gasar cin kofin duniya ta 2006, likitocin birnin Munich sun ƙirga cewa a ranakun da Jamus ke wasa, masu zuwa asibiti da matsalar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau biyu. Amma a kula: ƙwallo ba ta fasa lafiyayyar jijiya. Tashin hankali yana ƙarasa murfin da ya riga ya sirance ne kawai, kuma da yawa sukan tsage mutum yana zaune ko yana barci.

Da murfi ya tsage, jini ya haɗu da taɓon da aka ɓoye masa shekaru. Taɓon nan cike yake da wani sinadari mai tayar da daskarewar jini. Jini kuwa abin da ya sani shi ne duk inda aka sami rauni a toshe shi. Nan take 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su liƙe a wurin, su kira 'yan'uwansu, zaruruwa su ɗaure su, gudan jini ya kafu. Cikin mintoci, hanyar da da safe take buɗe fiye da rabi tana iya rufewa ruf. Ashe ba kitsen ne ke toshe jijiya a ranar ba, gudan jini ne. An daɗe ana gardama a kan wannan, har 1980 da Marcus DeWood da abokan aikinsa suka ɗauki hoton jijiyoyin masu bugun zuciya a sa'o'in farko, suka ga jijiyar a toshe gaba ɗaya a kusan mutum 9 cikin 10.

Naman zuciyar da ke bayan toshewar yakan fara mutuwa bayan kamar minti 20 zuwa 30, mutuwar tana yaɗuwa sa'a bayan sa'a, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Wani lokaci kuma wutar da ke tsara bugun zuciya ce take rikicewa tun a mintocin farko, zuciyar ta daina tura jini, mutum ya faɗi nan take. Idan a jijiyar wuya abin ya faru, ɓarɓashin gudan jinin yakan bi jini zuwa ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kowace shanyewar ɓarin jiki ce ta wannan hanya ba. A ƙasashenmu da yawa hawan jini ne yake fasa jijiya a cikin ƙwaƙwalwa.

Abu biyu ya kamata a ƙara. Na farko, ba kowace tsagewa ce ke kawo bugun zuciya ba. Da yawa gudan jinin ƙarami ne, jiki ya narkar da shi ko ya rufe shi da sabon tabo, mutum bai ma sani ba. Sai dai kowane irin wannan gyara yana ƙara wa ƙullutun girma, shi ya sa cutar ba ta tafiya a hankali daidai wa daida, takan yi tsalle. Na biyu, fashewa ce ke jawo kusan kashi biyu cikin uku na irin wannan toshewa. A mafi yawan sauran, murfin yana nan da kaurinsa, shimfiɗar samansa ce ta saɓule, jini ya daskare a kan wurin. An fi ganin haka ga mata masu ƙarancin shekaru da masu shan taba.

Labarin Tim Russert

Tim Russert shahararren ɗan jarida ne a gidan talabijin na NBC a Amurka. Likitocinsa sun san yana da wannan cuta, domin hoto ya nuna kalsiyam a jijiyoyin zuciyarsa, amma ba ya jin ciwon ƙirji. Yana shan maganin hawan jini da na kolestarol, yana motsa jiki, ko da yake yana da ƙiba. A ƙarshen watan Afrilu na 2008 aka yi masa gwajin da ake sa mutum ya yi motsa jiki a kan na'ura ana duba zuciyarsa, sakamako ya yi kyau. Ranar 13 ga Yuni, yana aiki a ofishinsu na Washington, ya yanke jiki ya faɗi, ya mutu yana da shekara 58. Binciken gawa ya nuna ƙullutu ne ya fashe a jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya, gudan jini ya toshe ta.

Shin gwajin ƙarya ya yi? A'a. Tambayar da wannan gwaji ke amsawa ita ce ko jini yana isa ga zuciya lokacin da take aiki tuƙuru. A watan Afrilu yana isa, domin ƙullutun bai tare hanya ba. Gwajin ba ya ganin kaurin murfi. Har yau ma babu wani gwaji mai sauƙi da zai nuna wa likita cewa wannan ƙullutu ne zai fashe a wata mai zuwa. Ana iya zura na'ura cikin jijiya a ga murfi siriri, amma yawancin irinsu ba sa jawo komai, wasu ma sukan sake yin kauri. Labarin ya kuma nuna iyakar magani: yana rage haɗari, ba ya kawar da shi.

Abin da ke ƙarfafa murfi

Tunda ba a san wanda zai fashe ba, hikima ita ce a yi wa dukkan jijiyoyin magani. Wannan ne ma ya sa sanya ƙarfen buɗe jijiya a wuri ɗaya, ga wanda ciwonsa ke zuwa da aiki kawai ya lafa da hutu, yake rage ciwon ƙirji amma manyan bincike ba su nuna yana ƙara tsawon rai fiye da magani mai kyau ba. A lokacin bugun zuciya kuwa, buɗe jijiyar da gaggawa ceton rai ne.

Magungunan da ake kira sitatin suna sa hanta ta ƙara kwashe LDL daga jini. Ba sa narkar da ƙullutu ya ɓace, raguwar girmansa kaɗan ce. Abin da suke yi shi ne taɓon ya ragu, kumburi ya lafa, murfi ya yi kauri. A binciken da aka wallafa a 1994 a kan masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen Sikandinebiya, mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ga masu shan maganin. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga mutum ya ajiye maganinsa don wai ya ji sauƙi. Wannan magani ba na jin sauƙi ba ne, aikinsa a inda ba a ji yake.

A takardar gwaji, LDL ƙasa da 100 mg/dL, wato 2.6 mmol/L, shi ake so ga yawancin mutane. Wanda ya taɓa yin bugun zuciya ana neman a kai shi ƙasa da 70, ko ma 55. Wanda nasa ya kai 190 ya kamata a binciki ko na gado ne, a kuma gwada 'ya'yansa da 'yan'uwansa. Sirantar jiki ba ta wanke mutum, akwai siriri mai LDL a sama.

A abinci, abin da ya fi ɗaga LDL shi ne maiƙon da ke daskarewa in ya huce: kitsen nama, da man shanu, da man ja in ya yi yawa. Rubutun da ake yi a galan cewa mai ba shi da kolestarol ba ya nufin komai, domin duk man da aka samu daga tsiro ba shi da shi tun asali. Abin dubawa shi ne irin maiƙon. Wake, da gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba, da ganyaye irin su zogale da alayyafo, da kifi, suna taimakawa. Barin taba kuwa yana fara rage haɗari tun a shekarar farko.

Tambayoyin tattaunawa a aji

Mutum biyu: ɗaya hanyar jijiyarsa ta ƙuntata da kashi 80 cikin 100 amma murfinsa mai kauri ne, ɗaya kuma kashi 40 da murfi siriri. Wanne zai ji ciwo in ya hau bene, kuma wanne abin zai iya zo wa ba sallama? Ku bayyana dalili. Sannan ku faɗi da bakinku abin da za ku amsa wa ɗan'uwan da ya ce ba ya bukatar gwaji tunda ba ya jin komai.

Idan abin ya zo

Ciwon da ke zuwa da aiki ya tafi da hutu yana bukatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Amma in ya fara zuwa mutum yana zaune, ko ya ƙaru a 'yan kwanaki, ko nauyin ƙirji ya wuce minti 15 bai lafa ba, musamman tare da gumi mai sanyi, ko tashin zuciya, ko sarƙewar numfashi, to a ɗauka murfi ya tsage. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai kasala mai tsanani, ko haki, ko zafi a saman ciki da ake ɗauka olsa ce. Mutane da dama sun rasa sa'o'in da za a cece su suna shan maganin olsa a gida.

A zaunar da mara lafiyar, kada ya tuƙa mota da kansa. Idan alamun na ƙirji ne, kuma asfirin ba ya yi masa illa, ba ya kuma da matsalar zubar jini, ya tauna miligiram 300, domin yana rage liƙewar ƙwayoyin da ke gina gudan jini. Idan kuwa baki ne ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a ba shi asfirin sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, don in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. A duka halayen biyu, a nufi asibiti mafi kusa da ke da na'urar gwajin zuciya nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye.